Shekara 18 zuwa 60: Yadda Masu Gwajin Manhaja Ke Zaɓen Lambobin Bakin Iyaka

Fom ɗin neman aiki ko na rajistar wani shiri a intanet yakan zo da gurbin shekaru, tare da sharaɗin cewa daga mai shekara 18 zuwa mai 60 kaɗai za a karɓa. Kafin fom ɗin ya iso hannun jama'a, akwai wanda aikinsa shi ne ya tabbatar gurbin yana karɓar wanda ya cancanta, yana kuma mayar da wanda bai cancanta ba. Tambayar da ke gabansa ita ce: waɗanne lambobi zai shigar? Wanda bai goge ba zai buga 25, ya buga 40, ya ga sun wuce, sai ya buga 5 da 90 ya ga an ƙi su, ya ce aiki ya yi kyau. Alhali kuskuren da aka fi yi a irin wannan gurbi yana nan kwance bai taɓa shi ba.

Dalili kuwa shi ne, rikicin gona ba a tsakiyarta yake tashi ba, a kan iyaka yake. Manhajar da ta karɓi 25 za ta karɓi 26 da 40, domin duk hanya ɗaya suke bi a cikinta. Inda hukunci ke sauyawa daga ƙi zuwa karɓa, ko daga karɓa zuwa ƙi, nan ne hannun mai rubuta manhaja ke zamewa. Dabarar da ke kai mai gwaji wannan wuri kai tsaye ita ce gwajin bakin iyaka, wadda masu sana'ar ke taƙaitawa da BVA. Ba sabuwa ba ce. Glenford Myers ya yi bayaninta a littafinsa na gwajin manhaja tun 1979, kuma har yau tana cikin manhajar karatun ISTQB, hukumar da ke ba masu gwaji takardar shaida.

Matakin farko shi ne a raba duk lambobin da mutum zai iya shigarwa gida-gida, bisa ga yadda ya kamata manhaja ta ɗauke su. A nan gida uku ne: na ƙasa da 18 waɗanda za a ƙi, na 18 zuwa 60 waɗanda za a karɓa, da na sama da 60 waɗanda su ma za a ƙi. Gida uku na nufin iyaka biyu, ɗaya tsakanin 17 da 18, ɗaya tsakanin 60 da 61. Sai a ɗauki lambar da ke kowane ɓangare na kowace iyaka. Abin da za a samu shi ne 17, 18, 60 da 61. Kafin a taɓa fom ɗin, sai a rubuta abin da ake sa ran gani: 17 a ƙi ta, 18 a karɓa, 60 a karɓa, 61 a ƙi. Rubuta wannan tun da farko ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ya fara gwadawa kafin ya yanke abin da yake jira yakan gamsu da duk abin da allon ya nuna masa.

Me ya sa 17, ba 16 ko 15 ba? Saboda ita ce mafi kusa da iyaka. Gurbin shekaru lamba cikakkiya yake karɓa, don haka taku mafi ƙanƙanta shi ne ɗaya. Da a ce gurbin kuɗi ne mai karɓar kwabo, maƙwabciyar naira 100 ita ce 99.99, ba 99 ba. Idan iyakar ta goce da taku ɗaya kacal, lambar da ke manne da ita ce kaɗai za ta tona asirin.

Mu duba yadda gocewar ke faruwa. Ga sharaɗin yadda ya kamata a rubuta shi a harshen Python:

```python
if age >= 18 and age <= 60:
    accept()
```

Alamar `>=` na nufin ya kai ko ya fi. Idan mai rubutu ya manta da `=` ya sa `>` kaɗai, manhajar za ta buƙaci a haura 18. Mai shekara 25 zai wuce, mai 40 zai wuce, mai 5 za a ƙi shi kamar yadda ya dace. Wanda kawai zai sha wuya shi ne matashin da ya cika 18 daidai, kuma lamba 18 ce kaɗai za ta nuna hakan a wajen gwaji. Akwai wani kuskuren da ya fi wannan saurin shiga, domin a ido daidai yake:

```python
if age in range(18, 60):
    accept()
```

A Python, `range(18, 60)` yana farawa daga 18 ya tsaya a 59, bai haɗa da lambar ƙarshe ba. Cikin shekaru 43 da ya kamata a karɓa, 42 za su wuce lafiya. Dattijon da ya cika 60 ne zai ga jan rubutu yana ce masa bai cancanta ba, ba zai kuma san cewa laifin ba nasa ba ne. Mai gwajin da ya buga 60 zai kama wannan nan take.

Waɗannan lambobi huɗu su ake kira gwajin lamba biyu, wato biyu a kowace iyaka. Akwai kuma mai lamba uku, inda ake ɗaukar iyakar da maƙwabtanta na hagu da dama: 17, 18, 19, sannan 59, 60, 61. Mutane da yawa na ganin 19 da 59 ɓata lokaci ne, tunda suna cikin gidan da aka riga aka gwada. Amma a duba wannan:

```python
if age in (18, 60):
    accept()
```

Mai rubutun yana nufin daga 18 zuwa 60, amma abin da ya rubuta na nufin 18 ko 60, su biyu kawai. Buga 17, an ƙi. Buga 18, an karɓa. Haka 60 ta wuce, 61 ta faɗi. Duk gwaji huɗun sun ba da sakamakon da ake jira, alhali fom ɗin yana korar kowa daga mai 19 zuwa mai 59. Da zarar an buga 19, magana ta fito fili. A ganina, ƙarin lambobi biyu bai kai a yi jayayya a kansa ba, musamman a fom ɗin da aikin mutum ko haƙƙinsa ya rataya a kai. Wanda ya nace a kan huɗu, to lallai ya ƙara da lamba ɗaya daga tsakiya, kamar 35.

Yadda ake gudanar da gwajin shi ma yana da ƙa'ida. Sauran guraben fom ɗin, suna da lambar waya da makamantansu, a cika su daidai, shekaru kaɗai za a riƙa sauyawa. Idan aka sa 17 aka kuma bar gurbin suna fayau, fom ɗin zai ƙi, amma ba wanda zai iya cewa shekarun ne suka jawo. A kuma karanta saƙon da ya fito, a tabbatar yana maganar shekaru ne. Sannan a san inda ake tsaron iyakar. Shafin intanet na iya ɗauke da `min="18"` da `max="60"`, burauza ta hana 17 wucewa, amma kwamfutar da ke karɓar bayanan a can baya ba ta duba komai. Mai wayo zai iya zagaye shafin ya aika 17 kai tsaye. Don haka lambobin shida sau biyu ake gwada su, a shafin da kuma a wajen karɓar bayanan.

Abin da ya fi ba da wahala ba ya cikin manhaja, yana cikin takardar umarni. Idan an rubuta "tsakanin 18 da 60", mai 60 yana ciki ko yana waje? Wani zai ce yana ciki, wani ya ce ana nufin ƙasa da 60. Dabarar ba ta da amsar wannan. Ita dai tana tilasta a yi tambayar, domin ba za a iya rubuta sakamakon da ake jira a gaban lamba 60 ba sai an san amsa. Mai gwaji kada ya yi hasashe, ya koma wurin masu shirin su yanke, su kuma rubuta.

Tambayar na ƙara tsini idan fom ɗin ranar haihuwa yake karɓa, shi ya lissafa shekarun da kansa. A nan taku ya tashi daga shekara ya koma kwana. Idan yau 10 ga Maris 2025, wanda aka haifa 10 ga Maris 2007 ya cika 18 yau, a karɓe shi. Na 11 ga Maris 2007 saura masa kwana ɗaya, a ƙi shi. Manhajar da ke ɗebe 2007 daga 2025 kawai za ta ba su duka 18, ta shigar da wanda bai kai ba. A ɗaya iyakar, idan an yarda mutum yana da 60 har zuwa jajibirin cikarsa 61, to na 11 ga Maris 1964 yana ciki, na 10 ga Maris 1964 ya fita. Wanda aka haifa 29 ga Fabrairu kuwa yana buƙatar nasa gwajin daban, domin shekarar da zai cika 18 ba ta da wannan rana.

Duk da haka, dabarar na da inda ƙarfinta ya ƙare, kuma ya kamata a san wurin. Tana aiki ne bisa zaton cewa manhaja na kallon abin da aka shigar a matsayin lamba. Abin da ke zuwa daga fom kuwa rubutu ne, sai an juya shi. Idan aka manta da juyawar aka kwatanta shi da `"18"` da `"60"` a matsayin rubutu, kwamfuta za ta bi shi harafi-harafi daga hagu. Lambobinmu shida duk za su ba da sakamako mai kyau, domin kowacce harafi biyu ce. Amma `"5"` za ta wuce, tunda 5 ta fi 1 kuma ba ta kai 6 ba. Haka ma `"200"`. Yaro ɗan shekara biyar ya samu shiga, gwajin bakin iyaka bai ce uffan ba. Saboda haka ne ake haɗa shi da lamba ɗaya daga can cikin kowane gidan da ake ƙi. Gurbin da aka bari ba komai, haruffa a maimakon lamba, 17.5, ko lamba mai alamar ɗebewa a gabanta, su ma ba aikin wannan dabara ba ne, kowannensu na buƙatar gwajinsa.

Idan an ba ka irin wannan gurbi ka gwada, fara da tambayar ko 18 da 60 suna ciki. Bayan ka samu amsa a rubuce, shigar da 17, 18, 19, 59, 60 da 61 ɗaya bayan ɗaya, ka ƙara da 5 da 200, kuma kada ka sa hannu cewa fom ya yi sai ka maimaita su a wajen karɓar bayanan.