Yadda ake tsamo ilimin da ya nutse a zauren WhatsApp

A kowane zauren WhatsApp na masu kiwon kaji akwai tambayar da ba ta tsufa: "Don Allah jama'a, kwana nawa ake ba 'yan tsaki Gumboro?" Yau wani ya yi ta, likitan dabbobin da ke cikin zauren ya amsa dalla-dalla. Bayan mako biyu wata sabuwar shiga ta sake yin ta, domin ba ta ga abin da aka tattauna kafin zuwanta ba. A karo na biyar likitan ya gaji ya yi shiru, sai wanda bai sani ba ya amsa da ƙarfin gwiwa, kuma amsarsa ce za a yi aiki da ita. Zaure ɗaya yana iya ɗaukar mutum 1,024, kuma idan ya cika haka, amsa mai kyau ba ta wuce awa guda a idon jama'a kafin gaisuwar Juma'a da tallan buhunan abinci su binne ta.

Maganin da masu kula da irin waɗannan zauruka ke komawa gare shi shi ne takardar tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu, wadda ake gani a manhajoji da sunan FAQ. Haɗa ta daga tsohuwar hira aiki ne na kwana biyu ko uku, kuma kwafe saƙonni shi ne mafi sauƙin ɓangarensa. Wahalar tana wajen yanke hukunci.

Ana farawa da fitar da hirar daga waya. A wayar Android, mai kula da zaure zai buɗe shi, ya taɓa ɗigo uku na sama, ya zaɓi More, sannan Export chat, sannan Without media. WhatsApp zai ba shi fayil na rubutu zalla mai ɗauke da saƙonni na baya-bayan nan har 40,000; idan ya haɗa da hotuna da bidiyo, adadin ya sauko zuwa 10,000. Abin da ke cikin wayarsa kaɗai zai fito, shi ya sa ya kamata wanda ya fi daɗewa a zauren ya yi aikin. Idan kuma an kunna Advanced chat privacy, wanda aka ƙaro a 2025, fitarwar ba za ta yiwu ba sai an kashe shi. Fayil ɗin kan yi kama da haka:

```
14/03/2024, 21:14 - Mai kiwo: yaushe ake bada gomboro
14/03/2024, 21:15 - Wani: Amin ya Allah
14/03/2024, 21:22 - Likita: <Media omitted>
14/03/2024, 21:30 - Wata: kwana 14
```

Layuka huɗun nan sun nuna matsaloli biyu da ke ba mai aikin ciwon kai. A waya, ana ganin saƙon da kowa yake mayar wa da martani, amma a fayil wannan alaƙar ta ɓace. "Kwana 14" ɗin can amsar Gumboro ce, ko amsar wani ce da ya tambayi lokacin cire 'yan tsaki daga ɗumi? Sai an koma wayar an duba. Ta biyun ta fi tsanani a zaurukan Hausawa, inda masana suka fi son saƙon murya a kan rubutu: amsar likitan, wadda ita ce mafi daraja, ta zama `<Media omitted>` kawai. Dole a bi kwanan wata da lokaci, a nemo muryar a waya, a saurara, a rubuta da hannu. Wanda ya tsallake wannan mataki zai tara amsoshin masu saurin rubutu ya bar na masu sani.

Daga nan sai tace tambayoyi. Neman alamar tambaya ba ya wadatarwa, don mutane da yawa ba sa saka ta. An fi samun nasara da kalmomi irin su "yaya", "nawa", "yaushe", "ina ake", "don Allah" da "dan Allah". Sunan abu ɗaya ma sai an neme shi ta fuskoki da dama: Gumboro, gomboro, gumburo. Kowace tambaya da aka samu a zuba ta a jadawali mai gida huɗu: tambayar yadda aka yi ta, ranar, amsoshin da aka bayar, da matsayin wanda ya amsa.

Sai haɗa masu kama da juna, kuma a nan ake gane gwani. "Kajina suna cunkushewa wuri ɗaya", "sun taru a ƙarƙashin fitila suna kuka" da "zafi nawa ake so a makon farko" kalmominsu daban, amma buƙata ɗaya ce: ɗumin ɗaki. Amsa ɗaya ta ishe su, cewa a makon farko ana son zafin ya kai digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salsiyos, a riƙa rage kusan digiri 3 duk mako, kuma cunkushewa kusa da wuta alamar sanyi ce, gudu zuwa bango da haki alamar zafi. Akasin haka ma na faruwa. "Nawa ne abinci?" daga mai kajin nama da kuma daga mai kajin ƙwai tambayoyi biyu ne a cikin riga ɗaya, tilas a raba su. Taken kowace tambaya kuwa a bar shi da harshen masu tambaya. Mai kiwon da hankalinsa ya tashi "suna cunkushewa" zai nema, ba zai nemi "ka'idojin ɗumama ɗaki" ba.

A koma kan Gumboro. A ce jadawalin ya nuna amsoshi uku: kwana 7, kwana 10, kwana 14. Kuskure ne a ƙirga wadda ta fi yawan magoya baya, kuma kuskure ne a jera ukun a bar mai karatu cikin ruɗu. Saɓanin yana da dalili: 'yan tsaki suna zuwa da kariyar da suka gada daga uwa, ƙarfinta ya bambanta, kuma idan an yi rigakafi da wuri wannan kariya tana iya kashe tasirinsa. Don haka amsar da ta dace ita ce a bi jadawalin kamfanin da ya ƙyanƙyashe su ko na likitan dabbobi, sannan a ƙara abin da babu jayayya a kansa: a ajiye maganin cikin sanyi, kada a haɗa shi da ruwa mai sinadarin kulorin, a janye ruwan sha na awa ɗaya zuwa biyu kafin a ba su, su kuma shanye cikin awa biyu. Likitan zauren ya karanta kafin a fitar, a rubuta ranar da ya duba a ƙarƙashi.

Farashin buhu da na kiret ɗin ƙwai ba su da gurbi a irin wannan takarda, sai dai a nuna inda ake samun na yau. Sunaye da lambobin waya ma a goge su duka. Matar da ta faɗi asarar da ta yi a cikin zaure, ga 'yan uwanta masu sana'a ta faɗa, ba ta amince a yaɗa sunanta ba.

Tsarin ƙarshe ya bi rayuwar kaza: shirya ɗaki, makon farko, abinci, rigakafi, alamomin cuta, sayarwa. Kowace amsa ta fara da abin da za a yi a jimlar farko, bayani ya biyo baya. WhatsApp yana barin a maƙale saƙo a saman zaure na awa 24, kwana 7 ko kwana 30 ne kawai, saboda haka sai mai kula ya riƙa sabunta maƙalawar, ya kuma saka hanyar samun takardar a bayanin zauren. Idan bayan wata guda tambayar da aka riga aka amsa ta ci gaba da dawowa, a duba kalmomin da masu yin ta suke amfani da su, a sake rubuta taken da su.