Tallan Ragon Layya: Rubuta Abin da Mai Saye Zai Iya Tabbatarwa

Da zarar watan Zulƙida ya raba, sai wayoyin mutane su cika da hotunan raguna. Kusan duk tallan bakinsu ɗaya: "Manyan raguna, lafiyayyu, ƙosassu, farashi mai rahusa, muna kaiwa ko'ina." Mai ragon da zuciya ɗaya ya rubuta, wataƙila ma duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Sai dai mutumin da ke zaune a Abuja ko Legas yana karantawa bai ƙaru da komai ba, domin macuci ma abin da yake rubutawa ke nan.

A kasuwar Wudil ranar Juma'a, ko Maigatari ranar Alhamis, ba a bukatar dogon bayani. Mai saye zai buɗe bakin rago ya duba haƙori, ya danna gadon bayansa ya ji tsoka, ya ɗaga shi ya ji nauyi, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Ga kuma dillali a tsaye, wanda in abu ya ɓaci an san inda za a same shi. Ciniki ta waya ya ɗauke wa mai saye duk wannan, ya bar shi da hoto da rubutu kawai, alhali Bahaushe ya ce ba a cinikin biri a sama. Don haka aikin rubutun talla shi ne ya yi wa mai saye abin da hannunsa da idonsa za su yi masa. Kowace magana a cikinsa ta zama wadda za a iya dubawa ranar da ragon ya sauka, a ce ta tabbata ko ba ta tabbata ba.

Kalmar "lafiyayye" ita ce ta fi kowace saurin fita daga baki, ita ce kuma ta fi jawo rigima. Mai layya ibada zai yi, kuma ibadar tana da sharuɗɗa. Hadisin Bara'u ɗan Azib ya ambaci aibobi huɗu da ke hana dabba shiga layya: makantar ido ɗaya da ta bayyana, cuta da ta bayyana, gurguntaka da ta bayyana, da ramar da ta cinye dabba. Malaman Malikiyya, waɗanda yawancinmu muke bi, sun haɗa da karyayyen ƙahon da bai warke ba, da kunnen da aka yanke fiye da sulusinsa. Mai talla ya bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya: idanu biyu garau, ƙafafu huɗu ba ɗingishi, kunne cikakke, ƙaho bai karye ba. Idan akwai tabo, ya faɗa, ya ɗauki hoton wurin. Wanda ya rubuta cewa ragonsa na da tsohon tabon igiya a ƙafar gaba ta hagu bai rage wa kansa kasuwa ba. Mai karatu ya ga mutumin da ba ya ɓoye abu, sauran maganarsa ma sai ta sami shiga.

Shekaru ma haka. Fitacciyar magana a Malikiyya ita ce rago ya cika shekara guda, wasu malamai kuma sun yarda da mai wata shida. Ba wanda zai gaskata shekarun da aka faɗa da fatar baki, amma haƙori shaida ne. Tumaki sukan zubar da ƙananan haƙoran gaba biyu na ƙasa, manya su fito, tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi. Hoton bakin rago da manyan haƙora biyu ya wadatar.

Akwai kuma jumla ɗaya da a ganina ta fi duk sauran daraja, ga shi da wuya ka ga an rubuta ta: tun yaushe ragon yake hannunka? Dalilin shi ne cutar nan ta tumaki da awaki da likitocin dabbobi ke kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi, majina, kwantsa, gyambon baki da zawo. Dabbar da ta kamu takan yi kwana huɗu zuwa shida ba ta nuna komai ba. Ragon da aka sayo shekaranjiya daga kasuwa, inda ya cuɗanya da ɗaruruwan dabbobi daga ko'ina, zai iya fitowa a bidiyo yana tsalle yana tunkuri, ya isa gidan mai saye ya kwanta. Mai sayarwa bai yi ƙarya ba da ya ce lafiyarsa ƙalau, amma abin da bai sani ba ya faɗa. Wanda ya ɗaure rago wata uku a turke ya rubuta hakan, domin shi ne babban jarinsa. Wanda kuma ya saro makon nan ya faɗi ranar da kasuwar. Idan an yi rigakafi, irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke samarwa, a rubuta ranar da aka yi, saboda rigakafi yana bukatar makonni kafin ya kama jiki. Na jiya ba ya kare ragon yau.

Wasu masu talla suna alfahari da cewa "mun yi masa allurai duka", suna ganin hakan tabbaci ne. Ga wanda ya san dabba, wannan jumla tayar da hankali take yi. Kowane magani yana da adadin kwanakin da za a jira kafin a ci naman dabbar da aka yi wa, kuma a rubuce yake a jikin kwalba. Allurar oksitetrasaikilin mai daɗewa a jiki, wadda masu kiwo ke yawan yi, takan bukaci mako uku zuwa huɗu. Ragon da aka yi wa ita ana saura mako guda Sallah, maganin na nan a cikin naman da yara da maƙwabta za su ci. Abin da za a rubuta shi ne sunan maganin da ranar da aka ba shi, mai saye ya ƙirga kwanakin da kansa.

Sai nauyi. A kasuwanninmu da ido ake sayen rago, amma mai saye daga nesa lamba yake so, kuma a nan ake yawan saɓawa ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba. Mai rago ya ce kilo 58, yana nufin ragon a tsaye da ransa. Mai saye ya ji kilo 58, yana lissafin nama. Bayan an yanka, an feɗe, an ware kai da ƙafa da fata da kayan ciki, abin da ke rataye yakan kama kusan rabin nauyin rai ne, ko ƙasa da haka kaɗan, wato kilo 26 zuwa 29. Dole rubutun ya ce nauyin rai ne.

Lokacin awo ma yana da tasiri. Rago da ya cika tumbi da dusa da ruwa zai fi kansa na safiya da kilo biyu ko uku, kuma kowa ya san dabarar masu ba dabba gishiri ko kanwa ta yi ta shan ruwa cikinta ya tashi. A auna da sassafe kafin a ba shi komai, a ɗauki bidiyo guda ba yankewa: sikeli yana kan sifili, an rataya ragon, ga lambar da ta fito, ga alamar fentin da ke bayansa, mai ɗauka yana faɗin kwanan wata. Hoton da aka durƙusa aka ɗauka daga ƙasa, ko aka tsayar da ƙaramin yaro kusa da ragon don ya yi girma, a bar shi. Ranar da ragon ya sauka, mai saye zai ga girmansa na gaskiya, kuma ba zai manta ba.

Ga yadda duk wannan zai kasance a talla ɗaya, a ce mai kiwo ne a Kano yake neman masu saye a Abuja:

"Rago mai lamba 7, Balami, fari, ba a dandaƙe ba. Yana turkena tun watan Sha'aban, harawa da dusa da ƙowa yake ci. Manyan haƙora biyu, ga hoto. Ido, ƙafa, kunne da ƙaho babu aibi, sai tsohon tabon igiya a ƙafar gaba ta hagu. An yi masa rigakafin PPR a watan Ramadan, maganin tsutsar ciki ranar 5 ga Zulƙida, ba a sake ba shi komai ba. Nauyin rai kilo 58, an auna da safiyar 1 ga Zulhajji kafin ya ci abinci, ga bidiyo. Zai iya raguwa da kilo biyu zuwa huɗu a hanya. Mota za ta tashi ranar 6 ga Zulhajji, a karɓa ranar 7. Kuɗin mota daban. Ragon nawa ne har sai ya shiga hannunka: idan ya mutu ko ya karye a hanya, zan canza maka ko in mayar da kuɗinka cikin kwana biyu."

Babu kalmar yabo ko ɗaya a ciki, kuma ba a yi kewarta ba.

Jumlolin ƙarshe na wannan talla su ne suka fi wuyar rubutawa, don kuɗi suke ci. Daga Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400, zuwa Legas kuwa kusan 1,000 ne, ga shingaye, ga cunkoson makon Sallah. Rago a mota ba ya ci ba ya sha yadda ya saba, yana ta kashi da fitsari, shi ya sa nauyinsa ke sauka. In an faɗa tun farko, mai saye ba zai ga an cuce shi ba. Babban haɗarin shi ne takewa da karaya idan an cusa dabbobi da yawa. A Malikiyya, ragon da ya sami aibi kafin a yanka shi ba ya isar wa mai shi layya, ko da lafiyarsa ƙalau ranar da aka saya. Ke nan tambayar wa zai ɗauki asarar hanya ba ƙaramar tambaya ba ce, kuma ranar jajibere, ana tsaye kan gurgun rago, ba lokacin fara tattauna ta ba ne. Mai sayarwar da ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba ya rubuta ƙarara cewa daga lodi ragon ya zama na mai saye, ya rage farashi daidai da haka. Wannan ma ciniki ne mai tsabta, tunda kowa ya san matsayinsa.

"Kafin Sallah" ba rana ba ce. A sa kwanan wata, a sa wurin karɓa, a faɗi ko har ƙofar gida ne ko a tasha. A bar tazarar kwana biyu ko uku, don ragon ya huta, don kuma in mota ta lalace mai saye ya sami damar neman wani. Gaskiya ne ana iya yanka har kwana biyu bayan ranar Sallah, amma kada mai sayarwa ya fake da wannan, domin magidanci so yake ya dawo daga idi ya tarar da ragonsa a ɗaure. Kafin alƙalami kuma a faɗi nawa ne, da ko ana mayarwa in an fasa, kuma sunan da ke kan asusun banki ya zama sunan mai tallan, ba na wani ƙaninsa ba. Ranar lodi a tura wa mai saye bidiyon ragonsa yana shiga mota da alamarsa a bayansa, da lambar motar, da lambar wayar direba. Idan ya karɓa, ya duba alamar da haƙorin da ƙafafun a gaban wanda ya kawo, sannan ya cika ragowar kuɗin.