Amsar da Ƙwaƙwalwa ke Bayarwa Cikin Hayaniyarta

Idan aka manna wa mutum ƙananan farantan ƙarfe a fatar kai, aka jona su da na'urar EEG, abin da zai fito a allo zane ne mai hawa da sauka wanda ba ya tsayawa, ko mutum na barci ko yana farke. Wutar lantarkin ƙwaƙwalwa ce, wadda likitan nan Bajamushe Hans Berger ya fara ɗauka daga kan ɗan Adam a 1924. Wutar kuwa 'yar mitsitsiya ce, ana auna ta da maikirobolt, wato kashi ɗaya cikin miliyan na bolt. Ba daga ƙwayar jijiya guda take fitowa ba. Sai dubban ƙwayoyin da ke jere a ɓawon ƙwaƙwalwa, suna fuskantar gefe ɗaya, sun motsa tare, sannan wutarsu ke iya ratsa ƙoƙon kai ta iso fata.

To, a ce an kaɗa wa mutumin wata ƙara a kunne. Babu shakka ƙwaƙwalwarsa ta ji, ta kuma amsa. Amma duk iya duban da za ka yi wa zanen, da wuya ka nuna inda amsar take, domin ƙwaƙwalwar na cikin wasu hidimomin nata a wannan lokaci, kuma wutar waɗannan hidimomi ta fi ta amsar ƙarfi. Wannan ɓoyayyar amsa, wadda ke biyo bayan ƙara ko hoto ko kalma a ƙayyadadden lokaci, ita masana ke kira ERP.

Gwajin da aka fi sani shi ne na baƙuwar ƙara. Ana zaunar da mutum, a sa masa abin sauraro a kunne, a kaɗa masa gajerun ƙararraki, a ce guda 500, kusan daƙiƙa ɗaya da rabi tsakanin kowace biyu. Guda 400 masu kauri ne iri ɗaya, guda 100 kuma sirara ne da aka barbaza a tsakaninsu ba tare da tsari ba. Aikinsa kawai ya ƙirga siraran a zuci, ko ya danna maɓalli duk lokacin da ya ji ɗaya. Cikin minti 12 da rabi an gama. A duk lokacin da ƙara ta fita, kwamfuta na sa alama a jikin zanen. Daga baya sai a yanko gutsure-gutsure: kowane gutsure ya fara daga milisakan 200 kafin ƙarar, ya ƙare a milisakan 800 bayanta. Milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Wancan ɗan lokaci na kafin ƙarar shi ake ɗauka a matsayin sifili, a auna komai daga kansa.

Daga nan sai a jera gutsuren sirara 100, kowane a kan ɗan'uwansa, alamar ƙara daidai kan alamar ƙara, a tara su a raba da 100. Dabarar ke nan gaba ɗaya. Amsar ƙwaƙwalwa na zuwa a kusan lokaci ɗaya, ta gefe ɗaya, a kowane gutsure, saboda haka tana tsira daga rabon. Sauran wutar kuwa ba ruwanta da ƙarar: a wannan gutsure tana sama, a wancan tana ƙasa, sai ta riƙa cinye kanta. Kamar a ce ka naɗi hayaniyar Kasuwar Kurmi sau ɗari, kuma a kowane naɗi akwai mutum ɗaya da ke kiran suna ɗaya daidai daƙiƙa ɗaya da fara naɗin. Ka haɗa su duka, surutun ’yan kasuwa zai dusashe, kiran nan ya fito fili. George Dawson ne ya assasa wannan hanya a Landan. A 1947 yana ɗora zane kan zane a hoto guda, sannan a farkon shekarun 1950 ya ƙera na'urar da ke yin tarawar da kanta.

Sai dai hayaniyar ba ta raguwa da saurin da mutum zai so. Tana raguwa ne da lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka yawan gutsuren. A ɗauka amsar maikirobolt 10 ce, hayaniyar kuma 30. A gutsure guda, hayaniya ta ninka amsa sau uku, ba abin da za a gani. In an haɗa gutsure 9, sai a raba 30 da 3, hayaniya ta dawo 10, sun yi kunnen doki. Da gutsure 36 ta koma 5. Da gutsure 100 ta koma 3, amsar ta tsaya sarai. Amma wanda ke son ya sake rage ta da rabi, zuwa ɗaya da rabi, sai ya nemo gutsure 400, wato zaman minti 50, alhali tun kafin nan mai sauraro ya gaji, hankalinsa ya tafi wani wuri, amsar da ake nema ita ma ta fara canzawa. Shi ya sa gogaggen ma'aikaci ya fi ɓata lokaci wajen goge fatar kai da manna farantai da kyau, da nisantar da wayoyi daga wutar gini, wadda ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa a Nijeriya da Nijar. Rage hayaniya tun daga tushe ya fi araha.

Abin da ke fitowa bayan tarawa layi ne mai tuddai da kwaruruka, kowanne da sunansa. Harafin P na nufin wutar ta karkata gefen fositif, N kuma gefen negatif, kamar bakuna biyu na batir. Lambar kuwa kimanin lokacin zuwansa ce da milisakan. Wasu ɗakunan bincike har yau suna zana negatif a sama, don haka a duba alamar da ke gefen zane kafin a ce wannan tudu ne, wancan kwari ne.

Na farko-farkon suna bin yanayin abin da aka ji ko aka gani. N100 na fitowa kusan milisakan 100 bayan ƙara, ko mai kauri ce ko siririya, kuma yana girma in ƙarar ta fi ƙarfi ko in mutum ya karkata kunne gare ta. Bayansa akwai MMN, wanda Risto Näätänen na Finlan da abokan aikinsa suka bayyana a 1978. Yana zuwa tsakanin milisakan 100 da 250 idan ƙara ta saɓa wa waɗanda suka gabace ta, ko da mutum na karatu bai kula da ita ba. Ana ganinsa ta hanyar cire matsakaicin ƙara mai kauri daga na siririya. Tunda ba ya buƙatar mutum ya yi komai, ana auna shi a jarirai da waɗanda suka yi doguwar suma.

Gwarzon wannan gwaji shi ne P300, wanda Samuel Sutton da abokan aikinsa suka fara bayyanawa a 1965. Babban tudu ne da ya fi tsayi a tsakiyar kai ta ɗan baya, wurin da ake kira Pz. A matsakaicin ƙara mai kauri kusan babu shi, a na siririya kuwa ga shi tsaye. Ba sirantar ƙarar ce ta haife shi ba: ka juya gwajin, siririya ta zama mai yawa, mai kauri ta zama baƙuwa, sai P300 ya koma wajen mai kauri. Abu biyu ke ciyar da shi, ƙarancin abin da kuma muhimmancinsa ga aikin da aka ba mutum. In aka ce ya daina ƙirga ya ɗauki littafi, tudun zai ƙanƙance ƙwarai. Lokacinsa ma ba ya tsayawa a 300. In ƙararrakin biyu sun yi kama da juna har bambance su ya yi wuya, yakan ja baya zuwa 400 ko fiye, haka nan yana jinkiri da tsufa da kuma ciwon mantuwa. A kan wannan tudu Lawrence Farwell da Emanuel Donchin suka gina allon haruffa a 1988: layuka na walƙawa bi da bi, wanda ke ɗauke da harafin da mutum ke so shi ke tayar da P300, sai kwamfuta ta rubuta harafin ba tare da ya motsa yatsa ba.

Wani da ya cancanci ambato shi ne N400, na Marta Kutas da Steven Hillyard, 1980. Shi na ma'ana ne. Ka karanta "na sha shayi da madara da sukari", zai fito ƙarami. Ka karanta "na sha shayi da madara da takalmi", kusan milisakan 400 bayan kalmar ƙarshe sai ya zurfafa.

A ganina, inda masu karanta irin wannan sakamako suka fi tuntuɓe shi ne manta cewa layin nan mai kyau ba abu ba ne da ƙwaƙwalwa ta taɓa fitarwa a karo guda. Tarawa ta ɗauka cewa amsar na zuwa a lokaci ɗaya kullum, kuma P300 ba haka yake ba. A ce a rabin gutsuren ya zo a milisakan 300, a ɗaya rabin a 500, kowanne maikirobolt 10. Matsakaicinsu zai fito a baje, mai faɗi, tsayinsa bai kai 10 ba. Wani mutum kuma yana ba da cikakkiyar amsa, amma a rabin lokacin hankalinsa ba ya wurin, sai nasa ya fito kusan 5. Na uku kuwa amsarsa ce ƙarama tun asali. Duk ukun za a rubuta musu "ƙaramin P300", alhali dalilansu ba ɗaya ba ne. Wannan na cikin abin da ya sa P300 shi kaɗai ba ya isa a ce wa mutum yana da wata cuta. Faɗin tudun, da saurin danna maɓalli a kowane karo, su ke taimakawa a rarrabe.

Kuma tarawa ba ta share hayaniyar da ke bin sawun ƙarar. Ƙiftawar ido kan haifar da wutar da ta kai maikirobolt 100 ko fiye a goshi. Wanda ke ƙifta ido duk lokacin da ya ji baƙuwar ƙara zai samar da tudu mai kama da amsa, kuma ƙarin gutsure ba abin da zai yi sai ƙara fito da shi. Ana gane shi domin ya fi ƙarfi a goshi maimakon tsakiyar kai, kuma farantin da aka manna ƙarƙashin ido na nuna shi a juye. Sai a zubar da irin waɗannan gutsure, ko a cire rabon idon ta lissafi. In an zubar da 19 cikin 100 ɗin nan, saura 81, hayaniyar ta tashi daga 3 zuwa uku da sulusi kawai, asarar ba ta da yawa. In kuwa 25 suka rage, ta koma 6, ta zarce rabin amsar. A nan akwai gwaji mai sauƙi: a raba gutsuren biyu, na ɗaya da na uku da na biyar a gefe guda, na biyu da na huɗu da na shida a ɗaya gefen, a tara kowanne daban. In layukan biyu sun hau kan juna, tudun gaskiya ne.

Wannan lissafi shi ne ke aiki a gwajin jin jarirai da ake kira ABR. Amsar jijiyar kunne da tushen ƙwaƙwalwa na zuwa cikin milisakan 10 na farko, kuma ba ta kai maikirobolt ɗaya ba, don haka ana tara ƙararraki dubu ɗaya zuwa dubu biyu. Da yake amsar gajeruwa ce, ana iya kaɗa gommai a daƙiƙa guda, a gama cikin 'yan mintoci. Motsin tsokar wuya ko tsotson nono kan ninka hayaniyar, shi ya sa ma'aikaciyar asibiti ke cewa uwa ta shayar da jaririn tukuna, a jira barci ya ɗauke shi kafin a fara.