Hoto, Shekaru da Aure: Abin da Ke Shiga Takardar Neman Aiki a Ƙasar Waje

Takardar tarihin karatu da aiki, wadda aka fi sani da sibi, tana da tsari kusan iri ɗaya a Nijeriya. Bayan suna sai ranar haihuwa, jinsi, jihar asali, ƙaramar hukuma, addini, aure ko rashinsa, wani lokaci har da yawan 'ya'ya, sannan a manna hoton fasfo a gefe. Wannan tsari yana da dalili. Kundin tsarin mulki na 1999 ya wajabta raba guraben aikin gwamnatin tarayya tsakanin sassan ƙasa, don haka jihar asali bayani ne da ma'aikata ke bukata. A Nijar, Kamaru da Chadi ma, sibin da aka rubuta da Faransanci kan fara da wuri da ranar haihuwa da matsayin aure. Idan aka tura irin wannan takarda ƙasar waje ba gyara, a wani wuri ta dace, a wani wuri kuma ta sa a ajiye ta gefe tun ba a kai ga karanta ƙwarewar mai ita ba. Abin da ke raba su shi ne dokar ƙasar da al'adar ɗaukar ma'aikata a can.

Ƙasashen da ake cire bayanan

A Amurka, Birtaniya, Kanada, Ireland da Ostireliya, ba a sa hoto, ranar haihuwa, addini ko matsayin aure. Tushen wannan al'ada dokokin hana wariya ne. Dokar 'yancin jama'a ta Amurka ta 1964 ta haramta nuna bambanci a ɗaukar aiki saboda launin fata, ƙabila, addini, jinsi ko ƙasar asali, wata doka ta 1967 kuma ta kare masu shekara 40 zuwa sama. A Birtaniya, Dokar Daidaito ta 2010 ta lissafa abubuwa tara da ba a yarda a yi wariya a kansu ba, ciki har da shekaru, aure, ciki da haihuwa, addini da naƙasa.

Waɗannan dokoki ba su hana mai nema sa hotonsa ba. Nauyin yana kan mai ɗauka ne. Kamfanin da ya ga fuskar mutum da shekarunsa sannan ya ƙi kiransa, ana iya kai shi kotu a ce dalilin ke nan. Shi ya sa wasu kamfanoni ke da ƙa'idar goge irin wannan bayani kafin takarda ta isa ga masu tantancewa, wasu kuma su ƙi duba ta gaba ɗaya. Ko inda babu wannan ƙa'ida, takarda mai ɗauke da addini da yawan 'ya'ya tana nuna cewa mai ita bai san yadda ake aiki a ƙasar ba.

Cire bayanin daga sibi ba ɓoye shi ba ne. Ma'aikatu da yawa a Birtaniya, ciki har da hukumar lafiya ta ƙasa, suna tambayar shekaru, ƙabila da addini a wani sashe daban na fom, wanda ake ajiyewa don ƙididdiga kuma masu zaɓen waɗanda za a kira ba sa ganinsa. Ranar haihuwa da bayanan iyali kuwa za a buƙace su daga baya, lokacin biza da rattaba hannu kan kwantiragi.

Ƙasashen da ake sa ran ganin su

A Saudiyya, Hadaddiyar Daular Larabawa, Katar da Kuwait, lamarin ya bambanta. Sibi yakan ƙunshi hoto, ƙasar mutum, ranar haihuwa da matsayin aure, kuma kowanne yana da amfani ga mai ɗauka. Izinin zama a waɗannan ƙasashe a ɗaure yake da wurin aiki, kuma kamfani ne ke nemo bizar ma'aikaci, don haka yana so ya san ƙasar mutum tun farko. A Saudiyya akwai tsarin Niɗaƙat da aka fara a 2011, wanda ya ƙayyade kason 'yan ƙasa da dole kowane kamfani ya ɗauka. Matsayin aure kuma yana shafar kuɗi kai tsaye, domin akwai kwantiragin mutum shi kaɗai, akwai kuma na mai iyali wanda kan haɗa da gida, tikitin jirgi da inshorar lafiyar mata da yara. Wanda ya riga ya shiga ƙasar yakan rubuta irin bizar da yake riƙe da ita da ranar da zai iya fara aiki.

Jamus tana tsakiya. Sibinsu, wanda suke kira Lebenslauf, a al'adance yana ɗauke da hoto a kusurwar dama ta sama, da rana da wurin haihuwa, wasu ma sukan sa hannu a ƙarshe. Dokar daidaito ta 2006 ta sa kamfanoni sun daina neman hoto a fili, amma masu nema da yawa suna sawa har yanzu, musamman ga ƙanana da matsakaitan kamfanoni. Matsayin aure da addini kuwa sun ja baya, ana barin su ba tare da wata illa ba. A Faransa hoto zaɓi ne. Fom ɗin Europass na Tarayyar Turai yana da gurbin hoto da na ranar haihuwa, amma ana iya barin su babu komai, kuma kasancewar gurbin ba ya nufin ƙasar da ake nema tana son a cika shi.

Misalin takarda ɗaya da ta zama uku

A ɗauki misalin ma'aikaciyar jinya daga Kano, mai shekara 34, da aure da 'ya'ya uku, wadda ta yi shekara tara a ɗakin haihuwa. Sibinta na gida shafi huɗu ne, ya fara da hoto da jerin bayanai goma, ya bi makarantu tun daga firamare, ya ƙare da sunayen mutum uku masu shaida da lambobin wayarsu.

Don Birtaniya, takardar za ta koma shafi biyu. A sama sai suna, birni da ƙasa, imel, da lambar waya mai farawa da +234. Hoto, jinsi, jiha, ƙaramar hukuma, addini, aure da 'ya'ya duk za su fita. Gurbin da suka bari zai koma ga abin da asibiti ke nema: matakin da ta kai a rajistarta da hukumar jinya ta Birtaniya, sakamakon jarrabawar Turanci, da bayanin aikinta, kamar yawan gadajen ɗakin da ta kula da shi da ƙananan ma'aikatan da ta horar. Za ta ƙara layi ɗaya da ke cewa tana buƙatar mai ɗaukar nauyin bizar aiki, domin wannan bayani ne na shari'a da asibiti ba zai iya yanke shawara ba tare da shi ba. Masu shaida kuma sai an tambaya.

Akwai hanyoyin da shekaru ke fita ko an cire ranar haihuwa. Shekarar gama firamare tana bayyana su, haka ma adireshin imel mai ɗauke da shekarar haihuwa. Firamare ba ta da wurin zama a sibin ƙasar waje, imel kuwa gara ya zama suna kawai. Laƙabin Hajiya ko Alhaji ma ba ya shiga, saboda ba ya cikin fasfo. Idan ta yi aikin sa kai a asibitin wata ƙungiyar addini, ba sai ta cire shi ba, tunda gogewa ce ta jinya. Abin da za ta bayyana shi ne aikin da ta yi a can.

Don Saudiyya, za ta mayar da hoto, ƙasa, ranar haihuwa da matsayin aure, ta kuma rubuta lambar lasisinta na jinya da matakin tantance takardunta. Jiha da ƙaramar hukuma ba za su dawo ba, domin ba su da ma'ana ga kowa a wajen Nijeriya. Addini kuwa ana rubuta shi ne idan aikin a Makka yake, inda wanda ba Musulmi ba ba ya shiga, ko kuma idan sanarwar ta nema. Don Jamus, za ta sa hoto da ranar haihuwa, ta bar aure da 'ya'ya, ta fito da matakin Jamusancinta, B1 ko B2, a wurin da ido zai fara sauka.

Hoton da ya dace

Inda ake sa hoto, ana son na kai da kafaɗu, a gaban bango mai launi ɗaya, fuska a sake, da haske mai kyau, kuma wanda aka ɗauka kwanan nan. Hoton biki da aka yanko, ko wanda aka ɗauka cikin mota, ya fi rashin hoto muni. Hijabi ko hula ba sa ɓata hoto matuƙar fuska ta fito sarai. A wasu ƙasashen Turai bincike ya nuna cewa mata masu lulluɓi na samun ƙarancin kira, don haka mace na da damar barin hoton inda zaɓi ne. Wannan shawara tata ce, kuma dokar Jamus da ta Faransa ba su tilasta mata sa shi ba.

Abin da ba ya shiga ko ina

Lambar fasfo, lambar shaidar ɗan ƙasa, lambar banki da cikakken adireshin gida ba su da wuri a sibi, kowace ƙasa ce. Takardar tana yawo hannu da hannu, ana kuma ɗora ta a shafukan neman aiki inda 'yan damfara ke tsintar bayanai. Dillalin da ya nemi kwafin fasfo da kuɗi kafin ganawa da takardar tayin aiki, alama ce ta a tsaya a bincika.

Abu biyu kuma suna buƙatar daidaito. Na farko suna: idan fasfo ya ce Mohammed, takardar makaranta ta ce Muhammad, sibi ya bi fasfo, a kuma tanadi takardar rantsuwa ta kotu don lokacin tantancewa. Na biyu ranar haihuwa. Rage shekaru a takardar shaida na iya wucewa a wani wuri, amma hukumomin biza da na lasisi suna gwada fasfo da takardun makaranta, kuma saɓani na iya jawo ƙin biza da hana sake nema na wasu shekaru. Ko yadda ake rubuta ranar ma yana rikitarwa, domin 03/04/1991 a Nijeriya uku ga Afrilu ne, a Amurka kuma huɗu ga Maris. Rubuta sunan wata da haruffa yana kawar da wannan.

Idan ba a san al'adar ƙasa ba

Sanarwar aikin ita ce hujja ta farko: abin da ta nema a bayar, abin da ta hana a bari. Idan ta yi shiru, sai a duba jagorar ofishin samar da aiki na gwamnatin ƙasar ko ta jami'o'inta, waɗanda kan wallafa samfurin sibi. Reshen kamfanin Amurka a Dubai yakan bi ƙa'idar uwar kamfani ta fom ɗinsa na intanet, ƙungiyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma suna da fom nasu da ke tambayar ƙasa da ranar haihuwa, wanda ake cikawa yadda yake. Inda har yanzu akwai shakka, barin bayanin ya fi sauƙin gyara, domin mai ɗauka zai iya tambayar abin da bai gani ba, amma takardar da aka ajiye saboda hoto ba a cika sanar da mai ita dalili ba.