Majinyata biyu da suka raba tunani gida biyu

A shekarar 1953 wani likitan tiyata a Amurka, William Scoville, ya yi wa wani saurayi mai shekara 27 aiki a ƙwaƙwalwa don rage masa farfaɗiya. Ya cire masa wani yanki daga gefen dama da na hagu, har da mafi yawan sashen da ake kira hifokamfas. Farfaɗiyar ta lafa, amma saurayin, wanda littattafai ke kira H.M., ya daina ajiye sabon abu a ransa. Idan aka karanta masa lambobi shida, zai maimaita su nan take. Amma wanda ya gaisa da shi ya fita, in ya dawo bayan ɗan lokaci, baƙo ne.

Mutum zai yi saurin cewa ai ga hujja: riƙe abu na ɗan lokaci daban, ajiye shi na dindindin daban. Sai dai majinyaci ɗaya bai isa ba. Idan batirin mota ya yi sanyi, hon zai yi ƙara amma inji ba zai tashi ba, don kawai tayar da inji ya fi cin wuta. Wataƙila haka abin yake ga H.M.: ma'aji ɗaya ne ya raunana, aiki mai wuya ya gagara, mai sauƙi ya tsira.

Abin da zai kawar da wannan shakka shi ne a samu wani mai akasin matsalar. Hans-Lukas Teuber ya jaddada wannan sharaɗi a 1955, ana kiransa rabuwa ta fuska biyu. A 1970 Tim Shallice da Elizabeth Warrington suka ba da rahoto daga Landan kan K.F., wanda haɗarin babur ya lalata masa wani yanki a gefen hagu na ƙwaƙwalwa. Shi lamba ɗaya ko biyu kawai yake iya maimaitawa idan an faɗa masa. Amma da aka riƙa nanata masa jerin kalmomi goma, ya haddace su kamar kowa, ya kuma tuna su daga baya.

A nan batun wuya da sauƙi ya rushe. Da maimaita lambobi ne mai sauƙin, K.F. ba zai kasa shi ya ci mai wuyar ba. Kowane aiki na dogara da wani abu da ɗayan bai dogara da shi ba. A ganina wannan ne iyakar abin da hujjar ta tabbatar, kuma bai kamata a ɗora mata abin da ya fi haka ba. Ba ta ce ayyukan biyu ba su haɗa komai ba, kuma rauni ba ya bin iyakar sassan ƙwaƙwalwa daidai-wa-daida. K.F. kansa ya fi riƙe lambobin idan rubuce aka nuna masa su, abin da ya sa masu binciken suka taƙaita matsalarsa ga riƙe maganar da kunne ya ji.