Masu Haya a Suleja, Kuɗin Ajiyarku Na Cikin Haɗari

Wannan gargaɗi ne ga duk mai neman gidan haya a Suleja, da wanda ke shirin tashi daga wanda yake ciki, da masu gidajen su kansu. Tun da aka mayar da fadar gwamnatin tarayya Abuja a 1991, ma'aikatan da hayar birnin ta fi ƙarfinsu suke kwararowa nan. Daga Kwamba zuwa Madalla, daga Maje zuwa Rafin Sanyi, gida ba ya daɗewa babu kowa. Mai nema yana cikin gaggawa. Yana biyan haya, da kuɗin dillali, da na yarjejeniya, da kuɗin ajiya da dillalai ke kira koshan. Ba ya tambayar komai. Sai ranar tashi yake gane cewa kuɗin ajiyar ya tafi.

Haɗari na farko shi ne rashin sanin aikin kuɗin. Kuɗin ajiya ba haya ba ne, ba kuma ladan dillali ba. Kuɗin ɗan haya ne da mai gida ke riƙe da shi amana. Abin da ake cirewa a ciki shi ne gyaran ɓarnar da ɗan haya ko iyalinsa ko baƙinsa suka yi, sai bashin da ya bari, kamar na wuta ko na ruwa, in yarjejeniya ta faɗi haka. Abin da ya rage nasa ne. Wanda bai san wannan ba zai bar kuɗinsa ya tafi, yana zaton al'ada ce.

Haɗari na biyu ya fi yawa: a kira tsufa ɓarna. Gida yana tsufa ko da waliyyi ne a cikinsa. Fenti yana koɗewa da rana da ƙurar hunturu. Robar cikin famfo tana cinyewa har ya fara ɗiga. Hannun ƙofa yana saki. Tayil yana dushewa a inda ake yawan takawa. Wannan lalacewa ce ta zama da shekaru, kuma kuɗin haya ne ya biya ta. Ɓarna dabam take. Gilashin taga da ƙwallo ta fasa, ƙofar da aka ɓalla don makulli ya ɓata, bangon da hayaƙin gawayi ko na janareta ya baƙanta, masai da aka toshe da tsumma, duk waɗannan suna wuyan ɗan haya. Tambaya ɗaya ke raba su: da mutum mai kula ne ya zauna a gidan tsawon wannan lokaci, abin zai faru? In zai faru, tsufa ne. In ba zai faru ba, ɓarna ce. Fiƙihun Malikiyya ma a nan ya tsaya: ɗan haya amintacce ne, ba ya ramuwa sai in ya wuce iyaka ko ya yi sakaci.

Haɗari na uku shi ne shiru. Yoyon rufi aibin gini ne, gyaransa na mai gida ne, haka ma danshin da ke tasowa daga tushen bango. Amma ɗan hayar da ya ga ɗigo a farkon damina ya yi shiru, har silin ya ruɓe ya faɗo a watan Agusta, ya ja wa kansa. Za a ce sakacinsa ne ya ƙara girman ɓarnar, kuma maganar tana da ƙarfi. Ranar da ka ga tabon ruwa, ka ɗauki hoto. Ka aika wa mai gida saƙo a rubuce. Ka ajiye saƙon. Maganar baki a bakin masallaci ba ta zama hujja bayan shekara biyu.

Haɗari na huɗu shi ne a sabunta gida da kuɗinka. Mu ɗauki misali. Wani ya kama gida mai ɗaki biyu da falo a Kwamba, ya ajiye naira 60,000, ya zauna shekara 3. Ranar tashi mai gida ya ce fentin gidan gaba ɗaya zai cinye kuɗin, har da ciko. A zauna a yi lissafi. Gilashin taga da yara suka fasa, 12,000, nasa ne. Kwaɗon ƙofa da ya ɓatar da makullinsa, 8,000, nasa ne. Bashin wuta na watansa na ƙarshe, 9,000, nasa ne. Famfon da ke ɗiga na mai gida ne. Fentin da ya koɗe a falo na mai gida ne. Saura ɗaki ɗaya da yara suka zane bangonsa da biro. Fentin ɗakin zai ci 20,000. Amma in an ƙiyasta fentin zai kai shekara 5, ya riga ya ci 3 daga ciki. Abin da ɗan haya ya lalata shi ne shekara 2 da suka rage, wato kashi biyu cikin biyar, 8,000. Jimilla 37,000. Sai a mayar masa da 23,000. Wannan shi ne lissafin adalci: ramuwa gwargwadon asara, ba sabon abu a madadin tsoho ba. Wanda bai iya wannan lissafi ba zai bar 23,000 a hannun wani, ya kuma yi godiya.

Haɗari na biyar shi ne shiga gida babu shaida. Tayil ɗin da ya tsage kafin ka zo zai zama naka ranar da za ka fita. Bashin wutar wanda ya riga ka zai hau kanka. Kafin kaya su shiga, ku zagaya ɗaki ɗaki da mai gida ko wakilinsa. A rubuta halin kowace ƙofa, taga, famfo, soket da bango. A ɗauki hoto da bidiyo. A rubuta abin da mita ta nuna da adadin makullai. Kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe tasa takardar. Ranar fita a maimaita zagayen, da rana, kafin a miƙa makulli.

Haɗari na shida shi ne rashin sanin hannun da kuɗin ya shiga. Dillali ya karɓa, mai gida ya ce bai gani ba, dillalin kuma ya canza lamba. A Legas, dokar haya ta 2011 ta wajabta ba da rasit na dabam ga irin wannan kuɗi. A Ingila, tun 2007 ana tilasta sa shi ƙarƙashin kariyar wani tsari da hukuma ta amince da shi. A Suleja abin da zai kare ka shi ne takardar da ke hannunka. Ka nemi rasit mai sunan mai gida, wanda ya ce kuɗin ajiya ne kuma ana mayarwa. Yarjejeniya ta faɗi abin da za a cire da kwanakin da za a mayar da saura. In aka ce maka ba a mayarwa, ka tsaya ka yi tunani kafin ka biya, domin ƙarin haya ne aka canza wa suna.

Masu gida, ku ma ba ku tsira ba. Ɗan hayar da ya tabbata ba zai ga kuɗinsa ba, ba shi da dalilin kula da gidanka. Zai bar famfo yana zuba. Zai fita da dare, ya bar bashi. Na gaba zai ji labari ya yi haka. Ka cire abin da ya halatta, ka nuna rasit ɗin gyara, ka mayar da saura a kan lokaci. Cin amana ba riba ba ne.

Wanda ya riga ya shiga gida babu takarda kada ya jira sanarwar tashi. Ya ɗauki hotunan gidan a makon nan. Ya nemi rasit ɗin ajiyarsa tun ana gaisawa da fara'a. In rigima ta taso, mai unguwa ko kotu hujja za su tambaya. Bayan an miƙa makulli, an yi fenti, wani ya tare, babu sauran abin da za a nuna.