Farashin allo da farashin aljihu a kasuwar hannun jari

Mutum ya buɗe manhajar dillalinsa, ya ga hannun jarin wani kamfani a naira 20, ya lissafa cewa guda 300,000 za su ci masa naira miliyan 6. Ya ba da oda, aka saya, sai takardar ciniki ta zo da kusan miliyan 6 da dubu 300, tun ba a sa la'adar dillali ba. Babu wanda ya cuce shi. Naira 20 ɗin da ya gani farashi ne na gaskiya, amma na 'yan ƙalilan ɗin hannayen jari ne, kuma ya sayi abin da ya fi su yawa nesa ba kusa ba.

A kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato NGX da ke Legas, na'ura ce ke haɗa mai saye da mai sayarwa. Kowane kamfani yana da jerin ododin da ke jiran ciniki, shi ne littafin oda. Gefe ɗaya masu tayi ne, wanda allo ke rubutawa Bid, kowa da farashin da ya taya da yawan da yake so. Ɗaya gefen masu sallamawa ne, wato Offer. Wanda ya fi kyawun farashi shi ke gaba a layi; idan farashi ya zo ɗaya, wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama. Zurfin littafin kuwa shi ne yawan hannayen jarin da ke jibge a kowane farashi, musamman kusa da farashin yanzu.

Wanda ya taɓa sayen hatsi da yawa a Dawanau ya san wannan a jikinsa. Mai arhar wake buhu goma kawai gare shi. In tirela kake son cikawa, dole ka wuce wurin na gaba, shi kuma nasa ya ɗara a tsada.

Mu ɗauki misalin wani kamfani da ba a cika cinikinsa ba, wanda ya rufe jiya a naira 20. A gefen masu sayarwa akwai guda 30,000 a naira 20, sai 50,000 a 20.20, sai 40,000 a 20.50, sai 80,000 a 21, sannan 150,000 a 21.80. Mai sayenmu ya ce a saya masa 300,000 a duk farashin da aka samu. Na'ura za ta kwashe matakai huɗu na farko ƙaf, guda 200,000 ke nan a kan naira 4,110,000. Ragowar 100,000 sai a mataki na biyar, a kan naira 2,180,000. Jimilla 6,290,000, wato kowane guda ya tsaya masa a kusan naira 20.97. Ƙarin naira 290,000 ya tafi ne saboda girman odarsa kaɗai. Ba wani labari ya fito game da kamfanin ba, ba ribarsa ce ta ƙaru ba, amma farashin allo ya tashi da kashi 9 cikin ɗari a cikin daƙiƙa guda.

A nan ne nake ganin an fi yaudaruwa. Manhaja za ta auna dukiyarsa da farashin ƙarshe, 21.80, ta nuna masa 6,540,000, kamar ya ci ribar dubu 250. Shi da kansa ya ƙirƙiri wannan farashi. Bari ya juya ya sayar nan take ya gani. A ce gefen masu tayi yana da guda 20,000 a 19.80, da 60,000 a 19.50, da 70,000 a 19, da 200,000 a 18.40. Zai gangara matakan ɗaya bayan ɗaya, ya tashi da naira 5,656,000. Shiga da fita kawai sun ci masa 634,000, wajen kashi goma na kuɗinsa. A hannun jarin babban banki da ake cinikin miliyoyi a kullum, wannan oda za ta iya ƙarewa a mataki ɗaya ko biyu ba tare da an ji ɗuriyarta ba.

Me ke sa littafi ya zama marar zurfi? Galibi saboda kaso mafi yawa na kamfanin yana hannun mai shi, ko uwar kamfani, ko manyan masu zuba jari da ba su da niyyar sayarwa. Abin da ke yawo a kasuwa kaɗan ne. Shi ya sa girman kamfani ba ya tabbatar da zurfin littafinsa.

Kasuwar tana da birki. Farashin hannun jari ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 10 a rana, don haka a misalinmu rufin yana naira 22, ƙasan yana 18. Sai dai birkin farashi yake tsayarwa, ba ya kawo masu saye. Idan kowa na son fita, masu sayarwa sukan taru a mafi ƙarancin farashin ranar, gefen tayi ya zama wayam, gobe a sake sauka da wani kashi 10, mutum yana kallo hannun jarinsa ya ƙi fita. A 2019 kuma an kafa wata ƙa'ida, cewa sai ciniki ya kai guda 100,000 kafin ya sauya farashin da ake wallafawa, don hana a motsa kasuwa da ɗan ƙaramin ciniki. Illarta ita ce a kamfanin da cinikinsa ke tafiyar hawainiya, farashin allo zai iya daskarewa kwana da kwanaki alhali tayin gaske ya yi nisa da shi.

Kafin a ba da oda, abu na farko da ya kamata a duba shi ne tazarar da ke tsakanin mafi girman tayi da mafi arhar sallama. A misalinmu kwabo 20 ce, kashi 1 cikin ɗari, kuma wannan kuɗi ne da ake asara tun daga bakin ƙofa. Daga nan a tara yawan da ke kusa da farashin: a cikin kashi 1 na naira 20 guda 80,000 kawai ake da su, odar kuwa ta kusa ninka su huɗu. A kuma kwatanta odar da abin da aka saba cinikinsa a rana. Wanda odarsa ta kai cinikin yini guda, shi ne kasuwar a ranar.

Makamin mai saye shi ne odar da aka sa wa iyakar farashi. Da mutuminmu ya ce kada a wuce 20.50, da ya samu guda 120,000 a kan naira 2,430,000, matsakaicin 20.25, sauran 180,000 su zauna a littafi suna jira. Amma wannan ma da kuɗinsa. Jiran na iya zama na banza idan farashi ya gudu. Kuma babban tayi da ke zaune a fili yana tona asirin mai shi: masu sayarwa su ga akwai mai buƙata, su janye nasu su ƙara kuɗi. Littafin oda ba alkawari ba ne, domin duk odar da ba a cika ba ana iya soke ta, har wasu kan jera manyan ododi don ruɗin ido, abin da doka ta haramta. A gefe guda, akwai masu sayarwa da ba su fito ba tukuna, waɗanda za su bayyana in an ba su lokaci. Saboda su ne ƙwararrun dillalai ke yanka babbar oda gunduwa-gunduwa, su rarraba ta a kan kwanaki, kowane yanki ƙarami ne idan aka auna shi da cinikin ranar. Idan kuma adadin ya fi ƙarfin littafin gaba ɗaya, dillali kan nemo wani babban mai sayarwa, a daidaita farashi ɗaya tsakaninsu, sannan a shigar da cinikin ta kasuwar bisa ƙa'idojinta na manyan ciniki.